Kuɗin wanki biyu, na ma'aikata daban na ɗalibai daban: nawa zan sa?

Tambaya: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da gidan wanki da guga nan Damagaram, riga da wando ina wankewa 500 sefa ga kowa, ma'aikata da ƴan kasuwa suna kawo min 100 a sati, ɗaliban jami'a 40. Da na gwada 600 na ma'aikata suka koma 80, da na yi wa ɗalibai ragi zuwa 400 suka kai 80. Kowane wanki yana cina 200 tsakanin ruwa, sabulu, gawayi da ladan yaro. In raba farashi ko in bar shi ɗaya? In zan raba nawa-nawa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka raba. Kuma ka yi sa'a don gwajin da ka yi ya faɗa daidai kan farashin da lissafi ke bayarwa, sai dai gara ka san yadda ake fito da shi da kanka saboda ranar da ruwa ya yi tsada lambobin nan za su motsa, kuma ba kullum za ka dawo nan ka tambaya ba. Ni ma na riƙe gidan wanki a Sabon Gari kafin in miƙa wa ƙanena, da irin wannan lissafin muke aiki a cikin kaye.

Abin da za ka nema a kowane rukuni abu ɗaya ne, farashin da in ka kai shi ba wanda zai sake kawo maka ko hula. Ba sai ka gwada shi ba, daga gwaji biyun da ka yi ake ciro shi, in mun ɗauka yadda mutane ke janyewa yana tafiya a miƙe, wato kowane ƙarin dala ashirin, 100 sefa ke nan, yana korar adadi iri ɗaya. Ɗauki ma'aikata. Ƙarin 100 ya rage maka wanki 20. To daga 500 inda kake da wanki 100, sau biyar za ka yi irin wannan ƙarin kafin su ƙare kaf, ka ga ke nan a 1000 suke ƙarewa, jika guda cif. Ɗalibai kuwa motsin 100 yana ɗaga ko sauke wanki 40, ninki biyu na ma'aikata, kuma a 500 ɗin ma 40 kaɗai gare ka, ƙari ɗaya ya share su. Nasu yana ƙarewa a 600. Ga masu son ganin shi a rubuce irin na lakwal, Q yawan wanki a sati, P farashi, 1 na ma'aikata, 2 na ɗalibai:

```
Q1 = 200 - 0.2*P1
Q2 = 240 - 0.4*P2
P  = (a + c) / 2
```

Layin na uku shi ne duka maganar. a shi ne farashin da kowa ke gudu, c abin da wanki ɗaya ke cinka. Ka haɗa su ka raba biyu. Ma'aikata 1000 da 200 a raba biyu 600. Ɗalibai 600 da 200 a raba biyu 400. Shi ke nan, dala ɗari da ashirin ga ma'aikaci, dala tamanin ga ɗalibi.

Me ya sa tsakiya? Saboda riba abu biyu ne ake ninkawa, abin da ya rage maka a kan kowane wanki da kuma yawan wankin, kuma in ɗaya ya hau ɗayan sauka yake. In ka sa 200 shago zai cika amma aikin banza kake, in ka sa 1000 ribar kowane wanki 800 ce amma ba mai kawowa. Idan layin janyewar mutane a miƙe yake ƙololuwar ribar tana tsakiyar waɗannan biyun daidai. Ka gwada da kanka a kan ma'aikata kar ka yarda da ni kawai. A 500 wanki 100 sau ribar 300, 30.000. A 600 wanki 80 sau 400, 32.000. A 700 wanki 60 sau 500, ka koma 30.000. Ka ga ya hau ya sauka. Ɗalibai a 400 wanki 80 sau 200, 16.000, a 500 kuma 40 sau 300, 12.000 kawai. Jimilla in ka raba 48.000 a sati, yanzu da kake kan 500 ga kowa 42.000 kake samu. Jika shida a sati ke nan kake bari a ƙasa.

Wani zai ce ai wataƙila 500 ɗin ne ba daidai ba, a nemi farashi guda mai kyau a huta da rigima. Tambaya ce mai kyau kuma ya kamata a lissafa ta. In ka haɗa rukunin biyu wuri ɗaya farashin da ya fi ba da riba yana wajen 467, wanki 160, riba kusan 42.700. In ka zagaye shi zuwa 475 saboda canji, 42.625. Wato duk ƙoƙarinka da farashi ɗaya ba za ka wuce nan ba, ribar rabawa ta gaskiya kusan 5.300 ce a sati. Ka riƙe wannan lambar za mu dawo kanta.

Kuma ka lura da wani abu da mutane ba sa tsammani. Da farashi ɗaya mafi kyau wanki 160, da farashi biyu 80 da 80, shi ma 160. Ba ka ƙara aiki ko ɗaya ba, ruwa iri ɗaya, gawayi iri ɗaya, yaranka ba su ƙara minti ba, abin da ya canja kawai wa ke kawo kayan da nawa yake biya. Ba sa'ar lambobinka ba ce, haka yake duk lokacin da layukan biyu suke a miƙe, kuɗin wanki ɗaya bai canja ba, kuma rukunin biyu duk suna saye a farashin bai ɗaya. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin haka, Pigou a 1920 da Joan Robinson a 1933 duk sun yi bayaninsa.

Kuɗin hayar shago da fatanti da albashin mai gadi in kana da shi, kar ka sa su cikin 200 ɗin nan. Ko ka wanke ɗaya ko ɗari biyu su dai za ka biya, don haka ba su da hannu a zaɓen farashi, sai a ƙarshen wata ka cire su daga riba ka ga ko sana'ar tana riƙe kanta. Na sha ganin masu shago suna raba kuɗin haya a kan kowace riga su ƙara a farashi, sai su kori ɗalibai gaba ɗaya, hayar kuma tana nan tana jiransu.

Yanzu maganar ruwa, tunda duk ɗan Damagaram ya san abin da bazara ke yi mana, famfo ya ɗauke a koma kan ƴan garuwa da jarkoki. A ce wanki ɗaya ya tashi daga 200 ya koma 300. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya ɗora 100 ɗin duka a kan kiliya. Lissafi ya ce rabi kawai. 1000 da 300 a raba biyu 650, 600 da 300 a raba biyu 450. Kowa ƙarin dala goma, sauran dala goman kai za ka shanye. In ka ɗora wa ɗalibai duka ka kai su 500, wanki 40 sau 200, 8.000, amma a 450 wanki 60 sau 150, 9.000. Ranar da kuɗin wanki ɗaya ya kusa 600 kuwa babu sauran farashin ɗalibai da zai fisshe ka.

Akwai kuma lokacin da ba tsada ce matsalar ba, ƙarfi ne. A ce ruwan da kake iya samu ko hannun da kake da shi ba zai wuce wanki 130 a sati ba. Nan kar ka ce bari in cika wa ma'aikata 80 ɗinsu in ba ɗalibai ragowar 50, da alama kamar shi ne wayo tunda su suka fi biya amma ba shi ne mafi riba ba. Ƙa'idar ita ce wanki na ƙarshe a kowane ɓangare ya ƙara maka kuɗin shiga iri ɗaya, in ba haka ba sai ka ɗauke wanki ɗaya daga inda ya fi ƙaranci ka kai inda ya fi yawa. A rubuce, hagu abin da wankin ƙarshe na ma'aikata ke ƙara maka, dama na ɗalibai:

```
1000 - 10*Q1 = 600 - 5*Q2
Q1 + Q2 = 130
```

Yana fitowa ma'aikata 70 a 650, ɗalibai 60 a 450, riba 46.500. In ka yi 80 da 50 ɗin, ɗalibai za su biya 475, riba 45.750. Bambancin ba yawa amma yana nan. Hanya mai sauƙi in ba ka son wannan lissafin, ka riƙa ƙara wa farashin biyu adadi iri ɗaya, 25 nan 25 can, har jimillar wankin ta sauko daidai ƙarfinka.

To ga inda abin yake lalacewa, kuma ni a ganina wannan ya fi lissafin muhimmanci. Duk abin da muka faɗa yana tsaye ne a kan ka iya raba mutanen. Ma'aikacin da ya ji ana wanke wa ɗalibai 400, kuma yana da ƙane ko ɗan riƙo a jami'ar André Salifou, me kake tsammani zai yi? Zai ƙulla kayansa ya ba yaron ya kawo da katinsa. Kowane wanki da ya zille haka 200 ka rasa. Koma kan 5.300 ɗin nan ka raba da 200, wajen 27. Wato in wanki 27 cikin 80 na ma'aikata suka bi ta ƙofar ɗalibai, kusan duk wahalar raba farashin ta tafi a banza. Yadda za ka gane, kaye biyu ko shafi biyu, kowane rukuni nasa, duk ƙarshen sati ka ƙirga. In na ɗalibai yana haura 80 na ma'aikata yana sauka alhali ba hutu ba ne ba komai ba, akwai yoyo. Ko ba kaye ma kayan da kansu za su gaya maka, yaro ɗan shekara ashirin siriri ya ajiye maka babbar riga ta shadda mai aikin hannu da wandon da mutum biyu irinsa za su shiga, ya miƙo kati yana kallon ƙasa.

Maganinsa ba faɗa ba ne da kiliya. Ka sa iyaka, kati ɗaya wanki uku a sati misali, kuma ragin a kan ƙananan kaya kawai banda shadda da babbar riga. Sannan ka bambanta aikin kansa, na ɗalibai a karɓa bayan kwana uku, na 600 a samu gobe da yamma a leda. Mai zuwa biro ran Litinin ba zai jira kwana uku a kan dala arba'in ba. Kuma a allon ƙofa ka rubuta 600 shi ne farashi, ɗalibai masu kati suna da ragi, kar ka rubuta kamar ma'aikata aka ƙara wa, mutum yana haƙuri da ragin da aka yi wa yaro amma ba ya haƙuri da a ce shi aka tsaga.

Abu na ƙarshe, 1000 da 600 ɗin nan ƙiyasi ne daga gwaji biyu-biyu, kar ka ɗauke su kamar an auna da ma'auni. Layin ya fi zama gaskiya kusa da farashin da ka gwada, in ka yi nisa yana iya lanƙwashewa. In satin da ka gwada 600 ya faɗo gab da salla ko ƙarshen wata da albashi ya shigo, 80 ɗin ta kumbura, in na ɗalibai ya faɗo lokacin da suke shirin tafiya hutu shi ma ba abin dogaro ba ne. Kowane farashi ka bar shi sati uku ko huɗu na yau da kullum ka ɗauki matsakaici. Kuma ranar da wani ya buɗe gidan wanki a layinku ya sa 450 ga kowa, 1000 ɗin ma'aikata ta faɗo, a ce ta koma 800, sai farashinsu ya koma 500, ka ga sai ka sake gwaji ka sake lissafi daga farko.