An ba wata sabuwar ma'aikaciya tsohon imel ɗina na ofis

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara huɗu na yi a wata ƙungiya a nan Gombe, kuma da imel ɗin ofis na buɗe Fesbuk ɗin da nake tallar atamfa da leshi, da wasu shafukan neman aiki. Bara na bar aikin. Yanzu wata tsohuwar abokiyar aikina ta ce an ɗauki wata mai sunana, an ba ta wannan adireshin, har saƙonnin Fesbuk ɗina suna shigo mata. Fesbuk ɗin dai yana buɗe a wayata, amma na manta kalmar sirrin. Me zan yi? Daga wata mai karatu, Jekadafari.

Amsa: Malama, kafin komai, kada ki fita daga Fesbuk ɗin nan. Kada ki goge manhajar, kada ki ba mai gyara wayar ya yi mata wankin ciki, kada kuma ki danna `Forgot password` tukuna. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofar da ke wayarki ita ce babbar hujjar da ta rage miki cewa asusun naki ne.

Dalili kuwa shi ne, mafi yawan shafuka ba su san fuskarki ba, adireshin kawai suka sani. Duk wanda ya ce ya manta kalmar sirri, sai su aika lambar tabbatarwa zuwa imel ɗin da ke rubuce, wanda ya karɓi lambar kuma shi ne mai asusu a wurinsu. Ke nan yau takwararki, ko da ba ta da wani mugun nufi, tana riƙe da mabuɗin shagonki. Kuma abin ya fi saurin faruwa a wurinmu, domin ofis mai mutum talatin ba ya rasa A'isha biyu da Muhammad uku, mai kula da kwamfutocin ofis kuwa sunan mutum da harafin farko na sunan uba kawai yake haɗawa ya yi adireshi.

Ga yadda za ki bi, kuma jerin yana da muhimmanci. Ki fara da samun imel naki na kanki, wanda babu ofishin da ke da iko a kansa. Sai ki buɗe Fesbuk, ki shiga `Settings`, ki nemi `Accounts Center`, daga nan `Personal details`, sannan `Contact info`. Ki ƙara sabon imel ɗin da lambar wayar da kike amfani da ita kullum, ki tabbatar da su da lambar da za a turo miki. Idan sun zauna, yanzu ne za ki iya neman sabuwar kalmar sirri, kina lura da kyau ki zaɓi a turo lambar zuwa wayarki ko sabon imel, ba tsohon ba. Bayan haka ki shiga `Password and security` ki kunna `Two-factor authentication`, ki kuma duba `Where you're logged in` ki kori duk na'urar da ba ki gane ba. Cire tsohon adireshin shi ne na ƙarshe.

Me ya sa na bar shi ƙarshe? Saboda Fesbuk yakan aika sanarwa zuwa tsohon imel idan an canza shi, da hanyar da za a danna a soke canjin. An yi haka ne don kare mutane daga ɓarayin asusu, amma a halin da kike ciki sanarwar hannun takwararki za ta faɗa. Idan ta ɗauka kutse ake yi mata ta danna, aiki ya dawo ɗanye. Shi ya sa nake ba ki shawara ki yi mata magana ta bakin abokiyar aikin nan taki kafin ki taɓa komai: saƙo zai zo daga Fesbuk, ta bar shi kawai. Kira ɗaya ne, ya fi miki cike fam ɗin ƙorafi sau goma.

Akwai yiwuwar Fesbuk ya nemi tsohuwar kalmar sirri kafin ya bari ki ƙara imel. Idan haka ta faru, ki duba ko wayar ta adana miki ita: a wayar Andiroyid ki shiga `passwords.google.com` da asusun da ke kan wayar, ki rubuta facebook a wurin bincike. Mutane da yawa da suka rantse mini sun manta, a nan muke tarar da ita tana zaune. Idan babu, to sai sulhu: ki zauna da takwararki ko da mai kula da imel na ofishin, a turo lambar, su karanta miki, ki gama sauran matakan a zama ɗaya.

Shafukan neman aikin suna iya zama daban, kuma a nan ne mutane suke rikicewa. Ki tuna yadda kika yi rajista. Idan adireshi da kalmar sirri kika rubuta, maganar ɗaya ce da ta Fesbuk. Idan kuwa `Continue with Google` kika danna da imel ɗin ofis, to ba ki taɓa samun kalmar sirri a shafin ba sam. Gugul yana ba kowane asusu wata lamba tasa da ba ta canzawa, wadda masu gina shafuka ke kira `sub`. Shafin da aka gina da kyau wannan lambar yake dubawa, don haka idan an goge asusunki an buɗe sabo da suna iri ɗaya, zai ɗauki takwararki a matsayin baƙuwa, ke kuma ba ki da hanyar shiga sai ta masu shafin. Wanda aka gina da ganganci adireshin kawai yake dubawa, tana dannawa sai ta tsinci kanta cikin takardunki. Mafi muni shi ne idan ofishin bai goge asusun ba, kalmar sirri kawai ya canza ya miƙa mata: a nan kowane shafi zai ɗauka ke ce. Ki tambayi ofishin wanne suka yi, domin amsar ce za ta gaya miki girman aikin da ke gabanki.

Ga masu karatu da ba su san halin da tsohon adireshinsu yake ciki ba, a aika masa saƙo daga wani imel. Idan ya dawo da `Address not found` ko `550 5.1.1`, adireshin ya mutu, a yanzu dai. Idan bai dawo ba, wannan bai nuna komai lafiya ba. Wataƙila suna aka canza aka bar tsohon yana tura saƙo zuwa sabon akwati, wataƙila wani ne ke karantawa. Canjin suna yana da daɗi a farko, tunda saƙo yana ci gaba da zuwa, har ranar da aka cire tsohon ba tare da sanarwa ba.

Wasu za su tambaya ko imel na kyauta ma haka yake. Ya danganta da kamfani. A shekarar 2013 Yahu ya saki adireshin da suka shekara ba a shiga ba ya ba sababbin mutane, kuma wasu daga cikinsu sun riƙa karɓar saƙonnin tsofaffin masu su. Gugul ba ya sake ba wani adireshin `@gmail.com` da aka goge, amma tun Disamba 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. A nan ba wanda zai shiga kayanki, sai dai lambar tabbatarwa ba ta da inda za ta sauka.

Ki kuma leƙa manhajar bankinki ki ga wane imel ne a rubuce, domin in na ofis ne, sanarwar kuɗin atamfarki ma can take zuwa. Lambar wayar da za ki sa a Fesbuk ta zama ta layin da kike kira da shi kullum, ba wanda ke cikin durowa ba, saboda kamfanonin waya su ma suna sake sayar da layin da ya daɗe a kwance.