Amsar murya: a sa Faker ya sauya sunayen kawai?

"Salam jama'a. Ina da bayanan bincikenmu na marasa lafiya, za mu tura wa wanda zai yi mana nazari. In na sa Faker ya maye sunayen da na bogi, shi ke nan na ɓoye su?"

Wa alaikumus salam. A'a ƙanwata, dakata tukuna, kar ki taɓa fayil ɗin. Aiki biyu kike neman haɗawa wuri guda. Faker, kayan aikin Python da ke ƙirƙiro bayanan bogi, na gwaji ne, wato kin gina manhaja, ba ki da mutane ko ɗaya, kina son sunaye dubu masu kama da na gaske ki ga ko fom zai ɗauka. Nan ba ruwan kowa, ki kira `fake.name()`, in ba kya son maimaici ki ce `fake.unique.name()`, ki sa `Faker.seed(0)` don gobe ma sunayen jiya su fito. Ko da yake in an sabunta Faker ɗin suna iya canzawa, gara ki adana abin da ya fito. Kuma ki cusa sunaye masu wuya da hannunki, mai ɗ da ƙ, mai tsawon tsiya, mai kalma ɗaya tal, don su ne ke karya manhaja.

Amma naki mutanen gaske ne, kuma na san irin bayanan asibiti, mutum ɗaya yana fitowa a layi da yawa. Nan ne aka taɓa ƙona ni, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani abokin aiki aka ba fayil, mutum 400 ne, kowa ya zo awo sau uku, layi 1,200 ke nan. Bawan Allah ya bi layi-layi yana zuba sabon suna. Sai ga mu da mutum 1,200, kowa ya zo sau ɗaya! Mu kuwa abin da muke nema shi ne ko jinin mutum ya sauka tsakanin zuwan farko da na uku. Ina za ka gani? Kwana biyu ina zargin lissafina. Da na tambaye shi ya ce ai sunayen sun yi kyau. Sun yi kyau! Kuma a kan asalin fayil ɗin ya yi, sai da muka tono wani tsohon kwafi a imel... to, a bar wannan.

Abin da za ki yi, ki ware kwafi. Ki fitar da jerin mutanen, kowa sau ɗaya, ki hargitsa jerin, sannan ki ba su lamba, `P0001`, `P0002`, haka har ƙarshe. Hargitsawar da dalili, in kin bi harafi, lambar kanta ta fara tona suna. Teburin da ya haɗa suna da lamba shi ne mabuɗi, a kulle shi da kalmar sirri a wani wuri daban, ba ya bin fayil ɗin ko'ina.

Af, na yi kuskure, ba da suna za ki haɗa ba. In akwai lambar katin asibiti, da ita za ki yi. Don Aisha Musa biyu sai su zama mutum ɗaya, ita kuma guda da aka rubuta Aisha yau, gobe A'isha, jibi Aishatu, ta rabu uku. In babu lambar, dole ki zauna ki daidaita rubutun da ido. Yadda za ki gane an yi ɓarna, ki ƙirga lambobin ban da maimaici da `nunique()` na pandas: takardar bincike ta ce 400, lambobinki su zama 400 cif. Kika ga 431, an raba wasu. Kika ga 392, an haɗe wasu. Ita ma lambar katin a cire ta bayan an gama.

Na san wani zai ce a yi SHA-256 kawai, wato lissafin da ke mai da kowane suna wani dogon jerin haruffa da lambobi. Kar ki yarda. Sunaye ba su da yawa, duk mai jerin sunaye zai bi su ɗaya-ɗaya ya kwatanta, cikin daƙiƙoƙi ya gama. In lallai sai wannan hanyar, to HMAC, wato irin wannan lissafin amma haɗe da mabuɗin sirri.

Sannan cire suna ba shi ne ƙarshe ba fa. Latanya Sweeney, mai bincike kan sirrin bayanai, ta lissafa da ƙidayar Amurka ta 1990, ta ce kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ana iya ware su da ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai. Saboda haka ranar haihuwa ta koma rukunin shekaru, 30 zuwa 34 misali, adireshi ya koma babban yanki. Kuma ki karanta gurbin da likita ke rubuta bayani, nan ake samun sunan miji da lambar waya kwance. Turo min sunayen ginshiƙan teburin kawai, ban da layin kowa, in faɗa miki wanne za a cire.