Rarraba kaya zuwa rukunin A, B da C domin tsara ƙirga

Tambaya: Ina da kaya iri 600 a sito, kuma ƙirga su gaba ɗaya yana sa in rufe shago na kwana biyu, don haka sau ɗaya nake yi a shekara. Duk lokacin da na ƙirga sai in tarar da giɓi mai yawa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina bai wa dukkan kayan kulawa iri ɗaya, ka raba su rukuni uku gwargwadon kuɗin da kowanne yake ci a shekara. Wannan tsari, da ake kira ABC, ya samo tushe daga ƙa'idar Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya, wadda a harkar sito take nufin cewa kaya 'yan kaɗan ne suke riƙe da mafi yawan jari.

Ka ɗauki kowane irin kaya, ka ninka adadin da ya fita a wata goma sha biyu da kuɗin sarin guda ɗaya. A nan ne mutane da dama suke kuskure, domin suna duba tsadar abu kawai. Abin da kake sara a 5,000 amma guda 20 ne suke fita a shekara, 100,000 ya ci, alhali abin da kake sara a 50 kuma guda 4,000 suke fita ya ci 200,000, saboda haka mai arahar ne yake gaba. Bayan ka gama lissafin sai ka jera kayan daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, kana tara jimillar daga sama. Waɗanda suka haɗa kusan kashi 80 cikin ɗari na farko su ne rukunin A, waɗanda suka ƙara kusan kashi 15 su ne B, ragowar kuma C. Waɗannan iyakoki ba doka ba ce, kana iya matsar da su zuwa inda ka ga lambobin sun yi faɗuwa a sarari.

Mu ɗauka lissafinka ya ba da iri 120 a A, 180 a B, da 300 a C, kuma kana buɗewa kwana 24 a wata. Idan za ka ƙirga A kowane wata, iri biyar ke nan a rana. Rukunin B, in ana zagaye shi duk wata uku, wato kwanakin aiki 72, zai ɗauki iri biyu ko uku a rana, shi kuwa C da za a zagaye duk wata shida, kimanin iri biyu. Gaba ɗaya kusan iri goma ne a rana, aikin da mutum ɗaya zai gama da safe kafin ciniki ya kankama, ba tare da an rufe shago ba. Ribar da na fi gani a nan ita ce, giɓin da aka gano cikin wata guda ana iya bin sawunsa a rasidai a gane ko kuskuren rubutu ne, ko mai kawo kaya ne ya rage, ko kuwa sata ce, amma wanda ya shekara da wuya a gano asalinsa.

Sai dai ƙirgar tana da sharaɗi. A tabbata an shigar da duk abin da ya shigo ko ya fita a littafi kafin a fara, in ba haka ba za a ga giɓin da babu shi. Kada a nuna wa mai ƙirga adadin da ke rubuce, kuma zai fi kyau ya kasance ba shi ne mai riƙe da sito ba. A rukunin A, ko guda ɗaya ya ɓace a sake ƙirgawa a binciki dalili kafin a gyara littafi, amma a C ana iya gyara ƙaramin bambanci a wuce.

Lissafin kuma yana da inda ba ya gani, kuma nan ne hankalinka zai shigo. Kaya mai tsada da ya kwanta bai fita ba zai faɗa C duk da cewa jarinka yana kansa, haka ma ƙaramin abu mai sauƙin sawa a aljihu, da abin da wa'adinsa ke ƙarewa da wuri, da mai arahar da in babu shi ba a sayen babban. Irin waɗannan ka ɗaga su zuwa A ko B da kanka. Ka sake jera kayan duk wata shida, kuma duk kayan C da ka ga giɓinsa ya maimaita sau biyu a jere, ka mayar da shi cikin waɗanda ake ƙirgawa wata-wata har sai littafi da abin da ke sito sun daidaita.