Jincheng ɗina ya daina ja, ga shan mai

Tambaya: "'Yan uwa, Jincheng ɗina AX100 yana tashi lafiya, amma ya daina ja, ga shan mai. Na canja fulogi, an wanke kafireto, shiru. Ko ringi ne?"

Malam, kafin ka bari a kwance maka inji, duba salansa tukuna. Ni ma haka ta faru da ni. Kullum daga Kurna nake zuwa Kantin Kwari, sai na ga in na ɗauko mutum ɗaya, gadar sama ma sai da giya biyu nake hawa, man kwana huɗu ya koma na kwana uku. Wani bakanike ya canja mini ringi, kuɗina suka tafi a banza. Wani dattijo a Ƙofar Ruwa ne ya sa tafin hannunsa a bakin salansar, ya murɗa totur, ya ce, "Ɗana, mashin ɗinka numfashi ne ba ya yi."

Irin wannan injin da baƙin mai yake ƙona fetur, shi ya sa kunkunniya take taruwa a wani siririn bututu mai huji-huji da ke cikin salansa. In hujin suka toshe, hayaƙi ba ya fita duka, sabon mai da iska ba sa samun wurin shiga. Kai kuma sai ka yi ta ƙara wuta, man yana tafiya. Za ka ji ƙarar ta dushe, silo lafiya lau, amma in ka murɗa sai ya shaƙe.

Noti ɗaya ne yake riƙe da bututun a ƙarshen salansa. Zare shi, ka ɗan zagaya layi. In mashin ya farka, ka gano ciwon. Nawa da muka zaro, wallahi baƙi ƙirin yake da danƙo kamar kwalta, huji biyu kawai ake gani. Muka kai shi nesa da mashin muka ƙona shi da wutar mai walda har ya daina hayaƙi, ya huce, muka bubbuga, muka bi hujin da waya. Ka kwance salansar ma ka leƙa ƙofar da hayaƙi ke fitowa daga inji, nan ma yana cushewa. A kankare a hankali, fistin ya rufe ƙofar, kada dattin ya faɗa ciki.

Don Allah kada ka yar da bututun kamar yadda samari suke yi don ƙara. Injin da shi aka auna shi, in babu shi janye kaya daga tsaye yana raguwa, man ma ba ya auki. Wajen mayarwa sa sabon gasket; in ka ga baƙin jiƙo a wuyan salansa, yoyo yake yi.

Sannan wane baƙin mai kake zubawa? In an cire maka famfon baƙin mai kana haɗawa da fetur a tanki, nemi mai rubutun 2T, kamar mililita 25 a lita ɗaya ta fetur, ka daina aunawa da ido. Nawa baƙin man mota ne ya toshe shi.