An dawo min da caki wai sa hannu bai yi daidai ba

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kai wa wani kamfani kaya suka ba ni caki na miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin, kwanan watan da ke jiki 5 ga Mayu. Na ɗan riƙe shi saboda sun ce in jira, sai makon jiya na kai bankina. Na ga kuɗin sun fito a akawun amma ba su ciruwa, washegari kuma suka ɓace, da na je aka ce an rubuta "Irregular Signature". Shi mai kamfanin ya ce wallahi akwai kuɗi a ciki in sake kaiwa kawai. Yanzu ga shi muna tsakiyar Yuli, in sake kaiwa ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sake kai wannan cakin, ko sau nawa ka kai shi haka zai dawo, don takardar ce ke da matsala kuma ba ta gyara kanta. Na daɗe ina riƙe da lissafin wani shagon sari inda mafi yawan manyan kwastomominmu da caki suke biya, to irin wannan na sha ganinsa, bari in ɗan yi maka bayani yadda abin yake tafiya don ka san wa za ka kama.

Da farko wancan kuɗin da ka gani ba kuɗinka ba ne tukuna. In ka kai cakin wani banki zuwa bankinka, su ba su san mai cakin ba, ba su da sa hannunsa, ba sa ganin abin da ke akawun ɗinsa. Abin da suke yi shi ne su ɗauki hoton cakin gaba da baya su tura wa bankinsa ta hanyar kiliyarin, wato tsarin tantance caki tsakanin bankuna da kamfanin NIBSS ke gudanarwa, ita takardar kanta tana nan a hannun bankinka ba ta zuwa ko'ina. Kafin amsa ta dawo sai su rubuta maka adadin a abin da ake kira "Ledger Balance", amma in ka duba "Available Balance" za ka ga bai motsa ba, kuma shi wannan na biyun ne kaɗai kuɗin da za ka iya taɓawa. A ƙa'ida ranar aiki ɗaya ce bayan ranar da cakin ya shiga kiliyarin, sai dai in ka kai da yamma bayan sun rufe na ranar sai a lissafa maka daga gobe, in kuma Juma'a ce ka ga Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, su ga alat su saki kaya, alhali can bankin mai cakin bai ma buɗe hoton ba.

To shi bankin nasa me yake dubawa? Lokacin da kamfanin ya buɗe akawun ya cike takarda da ke nuna su waye za su sa hannu, da samfurin sa hannun kowa, da sharaɗi, misali mutum ɗaya ya isa ko sai biyu tare, ko sai da hatimin kamfani, ko in kuɗi ya haura kaza sai an kira shi a waya ya tabbatar. Ma'aikacin yana ɗora sa hannun da ke kan cakinka kusa da wancan samfurin a kwamfuta. In ya ga bambanci ba zai yi kasada ba, don in ya biya daga baya aka ce jabu ne shi za a riƙe, gara ya mayar. Kuma gaskiya sa hannu yana canzawa, wanda ya buɗe akawun yana saurayi yanzu ya manyanta, ko ya yi rashin lafiya hannu na rawa, ko yana da sa hannu iri biyu ɗaya na ofis ɗaya na banki ya manta wanne ya ba su, ko ya sa a tsaye a kan bayan mota. Duk wannan yana faruwa da mutanen kirki.

Amma akwai ɗaya ɓangaren kuma shi ne dalilin da ya sa na tsaya rubuta wannan dogon bayani. Akwai masu ɓata sa hannu da gangan. Mutum ya san akawun ɗinsa ba komai, ya kuma san in caki ya dawo saboda rashin kuɗi shi za a ci tara, kashi ɗaya cikin ɗari na adadin ko naira dubu biyar duk wanda ya fi yawa, wato a naka dubu goma sha takwas da ɗari biyar, sannan sunansa ya shiga jerin masu ba da cakin bogi, in ya maimaita sau uku banki na iya karɓe littafin cakinsa a kai sunansa CBN. Ga kuma dokar 1977 kan cakin da ya dawo, wadda ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. To maimakon duk wannan sai ya ɗan karkata alƙalami, caki ya dawo da dalilin sa hannu, shi ya samu sati biyu uku yana cewa laifin banki ne. Ban ce mutuminka haka ya yi ba, ban san shi ba, amma mutumin da ya ce ka jira wata biyu sannan ya ce ka sake kai takardar da ya san an riga an ƙi ta, ni dai zan buɗe ido.

Yanzu duba kwanan wata da kyau don agogo biyu ne ke tafiya a kanka. Na farko wanda kowa ya sani, caki yana mutuwa bayan wata shida daga ranar da ke jikinsa, ba daga ranar da aka miƙo maka ba, naka na 5 ga Mayu zai kai farkon Nuwamba, bayan nan "Stale Cheque" za a buga masa ko da akawun ɗin cike yake. Na biyun kuma ba kowa ya san shi ba, waccan dokar ta 1977 tana magana ne a kan cakin da aka gabatar cikin wata uku daga kwanan watansa kuma ya dawo saboda babu kuɗi ko ba su isa ba. Wata ukunka yana cika 5 ga Agusta. Kuma ka lura naka bai dawo da dalilin rashin kuɗi ba, da dalilin sa hannu ya dawo, don haka a yanzu abin da ke hannunka shaida ce ta bashi, ba shaidar cewa ya ba ka cakin wofi ba. Shi ya sa sake kai tsohon bai ƙara maka komai sai ɓata kwanaki.

Abin da zan yi in ni ne, gobe da safe in je bankina in karɓi asalin cakin da takardar da ke nuna dalilin dawowa, in ɗauki hotonsu, in haɗa da takardar kai kaya da suka sa wa hannu. Kar ka ba mai kamfanin tsohon cakin sai sabo ya shigo hannunka, ko ma sai kuɗi ya zauna, don na ga wanda aka ce masa kawo a canza maka, ya miƙa, daga nan ba caki ba kuɗi sai gobe jibi. Sannan ka kira shi cikin mutunci ka ce Alhaji tunda kuɗin na nan a yi min tiransifa kawai a huta. Wannan tambayar ita ke raba gardama, mai kuɗi a akawun ba ya jin nauyinta. In ya ce tsarin kamfaninsu sai da caki, wanda gaskiya akwai masu irin wannan tsarin, to ya rubuta sabo da kwanan watan ranar, ya fara zuwa reshensa ko ya kira mai kula da akawun ɗinsa a duba sa hannun da suke da shi, in ya canza ya sabunta, kuma ya tabbatar musu da lambar cakin da adadin tun kafin ka kai, don kar wannan karon ya dawo da "Drawer's Confirmation Required", wato sun neme shi ya ce eh shi ya bayar ba su same shi ba.

In ya ba ka sabon, kar ka tashi daga gabansa sai ka karanta shi tsaf. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a akawun ɗinka, in an rubuta sunan shago kai kuma akawun ɗin na sunanka ne bankinka ma ba zai karɓa ba. Adadin da aka rubuta da kalmomi ya zama ɗaya da na lambobi, sifiri ɗaya in ya ɓace ya isa a mayar. Kwanan wata kar ya zama na gaba, don wanda ranarsa ba ta zo ba "Post-dated" za a ce, kuma kar a bar wurin ba komai. Ka tambaye shi kai tsaye mutum nawa ke sa hannu a wannan akawun, saboda a kamfanoni sau da yawa abin da ake kira matsalar sa hannu ba wai bai yi kama ba ne, darakta ɗaya ne ya sa ɗayan yana tafiya, ko an manta hatimi. In ya yi kuskure yana rubutu kar ka yarda da gogewa ko ɗora biro a kai, ya yage ya ɗauko wani. Kai kuma ko wasali ɗaya kar ka gyara da hannunka, ko da ranar ce kake ganin ƙaramin abu, nan take maganar ta tashi daga bashi ta koma zargin jabu a kanka.

Wani abu kuma, in kana da akawun a bankin mai cakin, kai shi can ya fi, don ba sai ya bi kiliyarin ba, a gabanka za su duba sa hannun su kira shi, ka san matsayinka a ranar. Karɓar tsaba a kantar banki kam ka cire rai, adadin ya wuce abin da ake biyan wani da cakin wani a hannu, dole ta akawun.

In ya fara kwana-kwana, yau ya yi tafiya gobe littafin caki ya ƙare, ka daina magana ta baki kaɗai, ka tura masa saƙo a rubuce mai ɗauke da lambar cakin, adadin, ranar da ya dawo da dalilin, ka ba shi wa'adi bayyananne kamar kwana bakwai, ka ajiye amsarsa. In sabon cakin ya zo ka kai shi a satin, kar ka sake yarda da a jira, in shi kuma ya dawo da "Insufficient Funds", wato kuɗi ba su isa ba, ko aka ce maka "Drawer's Attention Required", wanda galibi hanyar banki ce ta cewa ba kuɗi ba tare da sun tona masa asiri ba, to lokacin ka ɗauki takardun duka biyu ka je wurin lauya kafin ka sake kiransa. Allah Ya fito maka da haƙƙinka.