Ƙasar noma ta Kumasi da ta Tamale a Ghana ba ɗaya ba ce

Tambaya: "Me ya sa masarata ta yi kyau a bayan Kumasi, amma a Tamale ta yi rawaya, alhali iri ɗaya na shuka?"

Malam, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a gonakin biyu ka kwatanta. A Kumasi baƙar ƙasar sama tana da kauri saboda ruɓaɓɓen ganye, ƙarƙashinta kuma jar laka ce mai riƙe danshi. A Tamale ƙasar saman siririya ce mai yashi, gobarar daji tana cinye ciyawar da za ta ruɓe, sau da yawa kuma akwai marmara a ƙasa, wadda ke tare saiwa da ruwa. Idan ka tarar da marmara kusa, ka yi kunya mai tudu, ka zuba takin shanu, ka raba takin zamani kashi biyu, ka zuba kowane kashi a lokaci daban.