Hukuncin kuɗin ajiya a aikin intanet idan saɓani ya taso

Tambaya: Malam, ina haɗa shafukan intanet a Upwork, dandalin da ke haɗa masu aiki da masu ba da aiki ta intanet. Mun yi ciniki da wani a kan dala 600 kashi uku: 150, 250 da 200. Ya biya na farko, ya zuba na biyu a ajiyar dandalin. Da na gama, sai ya ce in ƙara shafi biyu kyauta. Na ƙi, ya rufe kwangilar yana neman a mayar masa da kuɗin. Shin tsarin halal ne? Me zan yi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsarin halal ne. Cinikinku ijara ce, wato ƙodago, kuma raba lada zango-zango ya halatta muddin an san aikin kowane zango da kuɗinsa. Dandalin kuwa amintacce ne da kuka yarda ya riƙe kuɗin, kason da yake cira ladan hidimarsa ne, ba riba ba. Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

Dala 250 ɗin nan amana ce. Ba ta zama taka don an zuba ta, shi ma ba shi da ikon janye ta bayan ka cika sharaɗi. Don haka ɗana, koma ka karanta abin da kuka rubuta a zango na biyu. Idan shafi biyar aka rubuta kuma biyar ka yi, kuɗin haƙƙinka ne, ƙarin biyun sabon ciniki ne. Idan kuwa "a kammala shafi" kawai aka rubuta, to akwai duhu, kuma nan ne nake ganin yaranmu suna asarar guminsu. A irin wannan, sulhu ya fi: a ƙiyasta aikin da aka yi, a raba.

Kada ka yi shiru. A ƙa'idar dandalin kwana 7 gare ka bayan ya nemi a mayar masa; in suka wuce ba ka shigar da ƙorafi ba, kuɗin ya koma gare shi. Shigar da shi yau, ka haɗa da rubutun yarjejeniya, saƙonninku da ranar da ka miƙa aikin, domin hujja tana kan mai da'awa. A gaba ka sani: in ta maɓallin miƙa aiki na dandalin ka tura, ba ta hira ba, shirunsa na kwana 14 zai sa a sakar maka kuɗin.

In ka shigar da ƙorafin, masu shiga tsakani na dandalin shawara suke bayarwa. In ba ku daidaita ba sai a je ga mai yanke hukunci, wanda ake biya. Sanya shi ya halatta, amma ka auna kuɗinsa da dala 250 tukuna.

Haramun ne ka lalata masa shafi don huce haushi, ko ka ƙara wa hujjarka gishiri. Zango na uku kuwa, kada ka taɓa shi sai ka ga an zuba kuɗinsa.

Allah ne Mafi sani.